Bashin Malam Garba

Wata bakwai ke nan da Auwalu ya gaji shagon kayan masarufi na mahaifinsa a Fagge, kuma a cikin abin da ya gada har da cinikin Malam Garba mai shayi, wanda ya fi shekara goma yana ɗaukar sukari da madara a shagon, ya biya idan kasuwa ta yi kyau. Marigayi bai taɓa rubuta masa komai ba, shi ya sa Auwalu ya ji nauyin fito da biro a gaban abokin mahaifinsa.

Da dilansa na kasuwar Singa ya matsa masa lamba, sai ya je teburin shayin bayan la'asar, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Baba, na zo ne a kan kuɗin buhu uku na sukari da katan biyu na madara."

Malam Garba ya ajiye ludayi ya ce, "Buhu biyu na ɗauka, kuma na aiko yaro da naira dubu 40 kafin azumi."

Auwalu ya tuna da kuɗin, amma ya rantse cewa buhunan uku ne. Nan take dattijon ya miƙe jikinsa na rawa, yana cewa, "Ni za ka mayar maƙaryaci, ni da aka yi sunanka a gabana?" Masu shan shayi suka rabu gida biyu, har hayaniya ta fito da liman daga zaure.

Liman ya tambayi shaida, babu. Ya tambayi rubutu, babu. Ya tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Auwalu ya sunkuyar da kai, ya ce ya janye maganar buhu na uku, ko da yake zuciyarsa ba ta daina ƙirga shi ba.

Washegari ya sayo littafin rasit mai kabon, ya zauna a kan benci ya cike shafin farko a tsanake. Ya sa lamba 001 da kwanan wata da sunan Malam Garba, ya rubuta buhu biyu na sukari a kan naira dubu 160, katan biyu na madara a kan dubu 60, ya cire dubu 40 da aka biya, saura dubu 180, za a kammala biya kafin babbar salla.

Malam Garba ya sa ya karanta masa sau biyu, ya sa hannu da ajami, ya ninke tasa takardar ya cusa a cikin hula.

"Gobe zan aiko a ɗauki buhu ɗaya," in ji shi. "Shi ma ka rubuta."