Takardar Koke Kan Jinkirin Biyan Alawus-Alawus na Ma'aikata

Ƙungiyar Ma'aikata,
Reshen Masana'antar Roba da Buhu,
Rukunin Masana'antu na Sharaɗa, Kano.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga:
Babban Manaja,
Ta hannun Manajan Harkokin Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

BASHIN ALAWUS-ALAWUS DAGA OKTOBA 2024 ZUWA JANAIRU 2025

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna rubuto wannan takarda ne bisa umarnin babban taron 'yan ƙungiya da aka yi ranar Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025, a ɗakin cin abinci na masana'anta. Mutum 187 cikin mambobinmu 214 ne suka halarta. Taron ya ɗora mana nauyin mu gabatar maka da halin da ake ciki a rubuce, mu faɗi abin da muke nema, mu kuma sa rana.

Kamar yadda ka sani, ranar 18 ga Maris, 2024, hukumar gudanarwa da wannan reshe suka sa hannu a kan yarjejeniyar alawus. Kai da kanka ka sa hannu a madadin kamfani. Sashe na 4 na yarjejeniyar ya ce za a riƙa biyan kowane alawus tare da albashin watan da aka yi aikin. An cika wannan alƙawari daga Afrilu har Satumba ba fashi, kuma ba mu manta ba. Daga albashin Oktoba ne aka fara ganin giɓi.

Ga abin da ma'aikata ke bin kamfani zuwa ranar 31 ga Janairu.

Kuɗin mota, naira 15,000 a wata ga kowane mutum, ba a biya ba tun Oktoba. Wata huɗu ke nan, ga mutum 214, ya kama naira 12,840,000. Alawus na aikin dare, naira 18,000 a wata, ya tsaya daga Nuwamba; mutum 86 ne ke kwana a bakin inji, kuɗinsu na wata uku naira 4,644,000. Sai aikin ƙarin lokaci na watan Disamba, lokacin da aka samu babbar odar buhunan taki: mutum 61 sun yi awa 2,440 a jimlace, ladansu naira 1,830,000. Akwai kuma mutum 37 da suka tafi hutun shekara a 2024 suka dawo ba a ba su kuɗin hutu ba, naira 1,665,000. Jimla naira 20,979,000.

Waɗannan alƙaluma daga rajistar shiga da fita muka ɗauko su, da takardun albashi da mambobi suka kawo mana, da fom ɗin ƙarin lokaci da sufabaizoji suka sa wa hannu. Mun haɗa kwafinsu da wannan takarda, suna bayan suna. Idan ofishin akanta ya ga kuskure ko na naira ɗaya ne, a kira mu, a buɗe littafi, mu gyara tare.

Ba yau muka fara magana ba. Ranar 12 ga Nuwamba mun zauna da Manajan Harkokin Ma'aikata, ya ce an samu tangarɗa ne wajen sauya tsarin biyan albashi, kuma kuɗin zai shigo da albashin Nuwamba. Albashi ya shigo, kuɗin mota bai shigo ba, na dare ma ya bi sahunsa. Ranar 10 ga Disamba muka rubuta takardar tuni, aka karɓa aka buga mata hatimi, har yau ba amsa. Ranar 14 ga Janairu muka sake zama, wannan karon da Babban Akanta. Ya ce wasu manyan diloli ba su biya kuɗin kaya ba, ga tsadar wuta da ta gas ɗin janareta, a ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata. Mun koma mun faɗa wa mutanenmu haka, mun roƙe su su yi haƙuri, sun yi. Ranar 30 ga Janairu aka biya albashi, babu ko sisin alawus a ciki.

Yallaɓai, ba mu musanta cewa kamfani na cikin matsi ba. Mu ne a bakin injin, muna ganin sau nawa ake ɗauke wuta a tayar da janareta, muna ganin tankar gas tana shigowa. Mun san tun Afrilun 2024 kuɗin wuta na masu layin rukunin A ya ninka fiye da sau uku, kuma ɗanyen kayan roba da dala ake sayo shi. Amma tsadar nan ba a ƙofar masana'anta ta tsaya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama shi ne abu na farko da ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma saboda haka ne ma aka kafa wannan alawus. Wanda ke zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Hotoro, sai ya hau a-daidaita-sahu biyu, wani lokacin uku, kafin ya iso Sharaɗa. Naira 15,000 ɗin ba ta kai shi ƙarshen wata ko da ana biya. Yanzu da babu ita, daga kuɗin cefane ake yankowa.

Muna so ka san abin da aka faɗa a taron Asabar, domin ba duk abin da ke faruwa a ƙasa ke isowa ofis ba. Akwai waɗanda in sun tashi aikin dare da ƙarfe shida na safe, a ƙafa suke tafiya gida har Ɗorayi ko Fanshekara, bayan awa takwas a tsaye. Akwai wanda ya daina komawa gida tsakiyar mako, yana kwana a masallacin bakin ƙofa, iyalinsa ba sa ganinsa sai Asabar. Mata masu ɗinkin bakin buhu sun ce adashinsu ya wargaje, domin da alawus suke zubi. Masu yara a makaranta, zango na biyu ya shiga tun Janairu, an fara koro musu 'ya'ya. Mai aikin dare ɗaya yana bin kamfani naira 114,000 a kuɗin mota da na dare kawai, alhali mai shagon unguwarsu ya daina ba shi shinkafa bashi.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu a matsayinmu na shugabanni. Mutumin da ya yi tafiyar awa guda a ƙasa, bai ci ya ƙoshi ba, zuciyarsa na kan bashi, shi ne ke sa hannu kusa da injin niƙa roba da ƙarfe uku na dare. A watan Janairu sau biyu aka kai mutum ɗakin shan magani da rauni a hannu daga sashen niƙa. Allah ya taƙaita, ba wanda ya rasa yatsa. Ba mu ce jinkirin alawus ne ya jawo ba kai tsaye, amma duk wanda ya taɓa aiki da inji ya san gajiya da damuwa ba sa tafiya tare da shi.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Odar Disamba an fitar da ita kwana biyu kafin ranar da aka yi wa mai kaya alƙawari, kuma ka tara mu ka yaba. Mutanen da suka yi wannan aikin har da ranakun Lahadi su ne har yau ba su ga ladansa ba. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 13, ta ce duk awannin da suka ɗara lokacin aiki na ƙa'ida ƙarin lokaci ne, sashe na 15 kuma ya ce kada tazarar biyan lada ta wuce wata guda. Alawus da aka rubuta a yarjejeniya aka sa hannu haƙƙi ne kamar albashi.

Saboda haka, ga buƙatunmu:

1. A biya kuɗin ƙarin lokaci na Disamba da alawus na dare gaba ɗaya, naira 6,474,000, nan da ranar Juma'a, 14 ga Fabrairu. Gumi ne da ya riga ya zuba, kuma shi ne kaso mafi sauƙin biya.

2. A biya kuɗin mota na wata huɗu da kuɗin hutu nan da ranar Litinin, 24 ga Fabrairu. Idan kamfani ba zai iya fitar da naira 14,505,000 a lokaci guda ba, taron ya ba mu izinin mu karɓi rabi a wannan rana, sauran rabin tare da albashin Maris, da sharaɗin a rubuta jadawalin, a sa hannu, kuma a fara da masu ƙaramin albashi.

3. Daga albashin Fabrairu a koma biyan alawus tare da albashi kamar yadda sashe na 4 ya tanada, a kuma riƙa nuna kowane alawus a layinsa a takardar albashi. Tun Oktoba aka daina nunawa, kuma wannan ya haifar da zargi iri-iri da ba su da amfani ga kowa.

4. A ba mu amsar wannan takarda a rubuce, a kuma sa mana ranar zama da kai kanka kafin ranar Litinin, 10 ga Fabrairu. Muna girmama manajojin da muka zauna da su, amma dukkansu sun ce hukunci ba a hannunsu yake ba.

5. Kada a tsangwami kowa, ko a sauya masa sashe, ko a ba shi takardar tuhuma, don ya yi magana a taro ko ya kawo takardar albashinsa.

Wa'adin kwana 21 ne daga yau. A taron akwai waɗanda suka nemi a ba da kwana bakwai kawai, kuma suna da yawa. Mun shawo kansu da cewa kamfani na buƙatar lokacin da zai karɓo kuɗinsa daga diloli, ya kuma tuntuɓi masu kamfani. Mun tsayar da 24 ga wata ne domin ana sa ran fara azumi a farkon Maris, in Allah ya kai mu, kuma magidanci yana buƙatar 'yan kwanaki ya sayi gero da sukari da mai kafin kasuwa ta ƙara tashi. Ba za mu iya sake tsayawa gaban mutum 214 mu ce su shiga Ramadan da alƙawarin baki ba.

Idan ranar ta zo ba a biya ba, kuma ba a sa hannu kan wani jadawali ba, za mu kira babban taro ranar Talata, 25 ga Fabrairu, mu miƙa lamarin ga uwar ƙungiya, mu kuma sanar da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano cewa akwai saɓani tsakaninmu, domin a bi matakan sulhu da Dokar Rikicin Ma'aikata ta shimfiɗa. Daga wannan rana kuma mambobinmu za su dakatar da aikin ƙarin lokaci har sai an biya na baya. Mun faɗi wannan tun yanzu ne don kada wani mataki ya zo maka ba zato. Kafin nan, mun umarci kowa ya ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci, ya riƙe injinsa da amana.

Da yawa daga cikinmu sun haura shekara goma a wannan masana'anta, a nan suka yi aure, da albashinta suke riƙe da iyaye. Muna son ta ɗore. Sakataren reshe yana sashen saƙar buhu a aikin safe duk wannan makon, ana iya aiko masa da amsa a can, ko a ofishin ƙungiya bayan sallar la'asar.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon sauke nauyi. Ka huta lafiya.

Naku a madadin ɗaukacin mambobi,

Shugaban Reshe
Sakataren Reshe
Ma'ajin Reshe

Kwafi zuwa ga:
Babban Akanta;
Sakataren uwar ƙungiya na Jihar Kano;
Allon sanarwa na ma'aikata.