Roƙon Gyaran Suna a Takardar Shaidar Digiri

Unguwar Tudun Jukun,
Zariya, Jihar Kaduna.
12 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Magatakarda,
Ta hannun Sakataren Harkokin Karatu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin Rukayya, wadda ta kammala digirin farko a Sashen Nazarin Ƙasa a zangon karatu na 2023/2024, mai lambar ɗaliba 19/0457. Ina roƙon a gyara sunanta a takardar shaidar da ta karɓa makon jiya.

An rubuta: RUKAIYA ABDULKADRI SHEHU
Daidai shi ne: RUKAYYA ABDULKADIR SHEHU

Kuskuren wuri biyu ne. A sunanta an sa I inda ya kamata Y ta farko ta zauna, a nawa kuma haruffa biyun ƙarshe sun yi musayar wuri. Ba canjin suna muke nema ba.

Na bi takardunta ɗaya bayan ɗaya. Takardar ba ta gurbin karatu da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai na kowace shekara duk daidai suke. Kuskuren ya fara bayyana ne a takardar sakamako ta wucin gadi, don haka ina kyautata zaton ya shigo ne lokacin buga jerin sunayen masu kammalawa da aka kai gaban majalisar jami'a. In haka ne, sake buga shaidar kaɗai ba zai wadatar ba, domin daga wannan jerin ake ɗaukar sunan da za a tura wa NYSC, kuma sunan da ya saɓa da na JAMB da NIN kan jawo wa ɗalibi tsaiko wajen rajistar bautar ƙasa. Shi ya sa nake roƙon gyaran ya haɗa da fayil ɗinta, da cikakken bayanin makinta, da jerin NYSC.

Na haɗo kwafin takardar haihuwa, da sakamakon WAEC, da takardar gurbin karatu ta JAMB, da takardar NIN, da shaidar da ke da kuskuren, sai takardar rantsuwa da ta yi a Babbar Kotu, da hotunan fasfo 2. Ainihin shaidar tana hannunmu, ba a goge ko harafi ɗaya ba, ba a kuma rufe ta da leda ba. Rukayya za ta kawo ta da kanta duk ranar da aka buƙata, a ba ta takardar karɓa.

Kafin sabuwar ta fito, a taimaka mata da wasiƙa mai hatimin ofis da ke tabbatar da cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. In akwai kuɗin da ake biya, a sanar da mu nawa ne da inda ake biya.

Allah ya ƙara girma, ya taimaka.

Naka mai biyayya,
Abdulkadir Shehu