Tsarin Darasi: Ganuwa da Ƙofofin Birnin Zariya

Malama, barka da aiki. Ga darasinki na Talata na mayar da shi kan fom ɗin makaranta. Bayaninki bai da laifi, manufar ce kawai na taɓa. Kin rubuta "su fahimci tarihin ganuwa", to fahimta ba a ganinta a littafin yaro, shi ya sa na raba ta uku, kowace da tambayar da za ta auna ta. Maganar Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina kuwa na ɗage ta zuwa mako mai zuwa, minti 40 ba zai ɗauke su duka ba.

Aji: Firamare 5. Fanni: Tarihi. Zango na biyu, mako na 4. Ɗalibai 62.

Manufofi

A ƙarshen darasi ɗalibi ya iya:
1. faɗin dalilai biyu da suka sa aka yi ganuwa;
2. rubuta sunayen ƙofofi huɗu;
3. nuna a zane inda Birni yake da inda Tudun Wada take.

Kayan aiki

Allo da alli, kwali mai zanen ganuwa, katuna shida ɗauke da sunayen Ƙofar Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai da Jatau, sai curin jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa. Kada a bar curin a gida, shi ne zai riƙe hankalin na bayan aji.

Matakan darasi

Gabatarwa, minti 5: Malama ta tambaya, "Wa ya biyo ta wata ƙofa yau da safe?" Ta rubuta amsoshin a allo.

Bayani, minti 12: curin ƙasa ya zaga hannu-hannu, yara su taɓa, su ji taurinsa. Daga nan ta bayyana cewa ganuwa na tsare gari daga mahara, ƙofa kuma ita ke ba da damar sanin mai shiga da mai fita. Ta kawo labarin Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, wadda ake jingina wa ginin ganuwa a garuruwa da dama, har ake cewa "ganuwar Amina". Ta faɗa musu ƙarara cewa mafi yawan labarin daga bakin magabata aka samo shi.

Aikin rukuni, minti 13: rukuni shida, kowane da kati ɗaya. Su manna shi a kan kwali, su faɗi wata unguwa da ke kusa. A fara da Ƙofar Doka, tunda kowa ya san ta nan ake fita zuwa Tudun Wada.

Auna fahimta, minti 10

Tambaya uku a rubuce, bisa jerin manufofi: maki 2, maki 4, maki 4. Wanda ya samu ƙasa da 5 ya zauna da Malama ranar Alhamis lokacin tara.

Aikin gida: a tambayi wani dattijo asalin sunan ƙofa ɗaya.

In kin amince, ki sa hannu ki dawo min da shi kafin tashi ranar Litinin.

Mataimakin Shugaban Makaranta