Takardar Darasi: Yadda Ake Bayanin Zanen Ƙididdiga da Turanci

Ajin yamma na koyon Turanci, Gombe. Darasin Asabar.

Ɗalibai, na gama duba aikinku na makon jiya, kuma abu ɗaya ne ya dame ni. Kusan kowa ya kwashe lambobin da ke jikin zanen ya jera su a takarda. Wanda ya ba ku zane yana ganin lambobin da idonsa. Abin da yake nema a wurinku shi ne labarin da suke bayarwa: me ya hau, me ya sauka, yaushe, kuma wa ya fi wa. Wannan aiki kun iya shi tun a gida. Wanda aka aika Tudun Hatsi, in ya dawo aka ce yaya kasuwa, cewa yake masara ta yi sama, gero yana nan yadda yake, wake ya ɗan sauko. To haka za ku fara: ku faɗi labarin zanen da Hausa a bakinku, sannan ku nemo masa Turanci.

Zane na farko layi ne da ke nuna yawan jama'ar Najeriya a ƙidaya uku. A 1963 mutum miliyan 55.7, a 1991 miliyan 89 saura kaɗan, a 2006 miliyan 140.4. Labarinsa: jama'a ta yi ta ƙaruwa, kuma ƙaruwar baya ta fi ta farko sauri.

Kalmomin hawa su ne *rise*, *increase*, *grow*, *climb*. Na sauka kuma *fall*, *decrease*, *drop*, *decline*. Tunda shekarun sun wuce, za ku ce *rose*, *grew*, *fell*. Amma jimlar buɗewa tana nan a *The graph shows*, domin zanen yana gabanmu yanzu. Ku kula da *rise* da *raise*. Abu ne yake *rise* da kansa, *raise* kuwa sai da mai ɗagawa. Ba wanda ya ɗaga jama'ar Najeriya, don haka *the population rose*.

Sai ƙananan kalmomin nan guda huɗu, inda makinku ya fi zubewa: *from*, *to*, *by*, *at*. A nan nake so ku tsaya sosai. *From* inda aka taso ke nan, *to* inda aka kai, *by* yawan abin da aka ƙara ko aka rage, *at* kuma inda lamba take tsaye a wani lokaci. Idan ka rubuta *rose to 140 million*, ka ce jama'a ta kai miliyan 140. Idan ka rubuta *rose by 140 million*, ka ce an samu ƙarin miliyan 140 a kan waɗanda ake da su, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Ƙarin da aka samu tsakanin 1991 da 2006 miliyan 51 ne da ɗoriya, shi ne *rose by just over 51 million*. Wata ɗalibarmu ta rubuta *increased with*, na kuma san daga inda ya fito: mu muna cewa ya ƙaru da kaza, sai ta mayar da "da" ɗin kai tsaye. Tunaninta daidai ne, Turancin ne ba ya karɓar *with* a wurin. Haka kuma bayan lamba ba a saka wa *million* harafin jam'i. *140 million* ake rubutawa.

Ga yadda ake kintace. In lambar ta ɗan haura, kamar mu ce da 'yan kai, sai *just over* ko *slightly more than*. In saura ƙiris ta kai, sai *nearly*, *almost* ko *just under*. In kana nufin wajen kaza, ko sama ko ƙasa, sai *about*, *around*, *roughly*, *approximately*. Miliyan 140.4 *just over 140 million* ne. Wanda ya ce *nearly 140 million* ya nuna wa mai karatu cewa ba a kai ba, alhali an wuce. Ku ɗauki wannan da muhimmanci, domin kintace ba izinin kauce wa gaskiya ba ne.

Zane na biyu sanduna ne, yawan jama'ar jihohi uku a ƙidayar 2006. Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, tana da mutum 2,365,040. Bauchi tana da 4,653,066, Kano kuma miliyan 9.4. A nan babu hawa babu sauka, shekara ɗaya ce, saboda haka kada na ga *rose* ko *fell*. Gwadawa ake yi. Kano ce *the highest*, Gombe *the lowest*. Bauchi ta kusa ninka Gombe: *nearly twice as many people as Gombe*. Kano ta ninka Bauchi har da ɗan ƙari: *just over double*. In za ku haɗa biyu a jimla ɗaya, ku sa *while* ko *whereas* a tsakani. *More higher* kuwa kuskure ne, *higher* ta wadatar, in bambancin babba ne a ce *much higher*.

Ga misalin sakin layi a kan zanen farko. Ku karanta shi da ƙarfi sau biyu.

> The graph shows the population of Nigeria in three censuses. Overall, the population grew throughout the period, and growth was faster after 1991. In 1963 the figure stood at 55.7 million. It rose by roughly 33 million over the next 28 years, reaching almost 89 million in 1991. It then climbed sharply to just over 140 million in 2006, about two and a half times the 1963 figure.

Ku lura da jimla ta biyu, mai farawa da *Overall*. Ita ce labarin da muka faɗa da Hausa tun farko, kuma babu lambar jama'a ko ɗaya a cikinta. Ku kuma lura ban kawo dalilin ƙaruwar ba, domin zanen bai faɗa ba. Masu shirin jarrabawar IELTS ta masu neman karatu, wannan shi ne aikin farko a takardar rubutu: kalma 150 aƙalla, cikin minti 20 ko kusa da haka. Misalin nan bai kai rabin hakan ba, amma ƙashin bayansa ke nan.

Aikin gida shi ne zane na uku da na raba muku, ruwan sama a Gombe wata-wata. Kun san shi da jikinku. Daga Nuwamba zuwa Maris layin yana kwance a ƙasa, sai ku ce *remains low* ko *stays flat*. Da damina ta kama yana hawa a hankali, *rises gradually*, ya kai ƙololuwa a Agusta, *reaches a peak in August*, sannan ya faɗo da sauri wajen Oktoba, *drops sharply*. Da yake abin kowace shekara ne, *rises* da *drops* za ku ce. *Fluctuate* ana ajiye ta ne don layin da ke hawa yana sauka sau da yawa, irin farashin tumatir, don haka ba ta da gurbi a wannan zane.

Ku rubuta kalma 150. A saman takardar ina so in ga labarin zanen da Hausa cikin jimla biyu kafin Turancin ya fara, kuma ku ja layi a ƙarƙashin duk *by* da *to* da kuka yi amfani da su. Zan karɓa ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar.