KILISHIN NAMAN SA MAI YAJI, Giram 100

Kilishin Kano, yankan Musulunci, shanyar rana, gashin garwashi. Ku buɗe ledar nan ƙamshin citta da kanumfari ne zai fara yi muku sannu da zuwa.

Daga cinyar sa muke yanko tsokarmu, jan nama zalla, mu cire kitse da jijiya saboda kitse shi ne yake sa kilishi ya yi saurin canza wari. Sai a feɗe shi falle-falle siriri har in ka ɗaga kana iya hango hasken rana ta cikinsa, a shimfiɗa kan asabari a ƙarƙashin raga saboda ƙuda da ƙura, in ya bushe a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, ya jiƙa sosai, a sake mayar da shi rana, daga nan ya hau garwashi na ɗan lokaci kaɗan, ba a barinsa ya ƙone. Shi ya sa za ku ji gefensa yana ƙaras-ƙaras, tsakiyar kuma sai an ɗan ja da haƙori.

ABIN DA KE CIKI, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta: naman sa, tunkuzar GYAƊA, albasa, sukari, gishiri, barkono, citta, magi, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kimba.

To ga maganar da muke so ku karanta da kyau tun kafin ku biya kuɗinku. Ba mu rubuta "nama zalla" a gaban leda ba domin kilishi ba ya zama nama zalla, labu ne yake mai da shi kilishi, kuma labu yana da nauyi. A cikin giram 100 ɗin nan kusan giram 60 ne nama, ragowar tunkuza ce da kayan yaji, kuma mun fi son ku san haka daga bakinmu. Akwai sukari a ciki, ba shi da yawa amma yana nan, shi ne wannan ɗan zaƙin da kuke ji a ƙarshe bayan yajin ya lafa. Akwai magi ma, irin na miya da kowa ya sani, mai sinadarin ƙara ɗanɗano. Wanda yake gudun ɗaya daga cikin biyun nan gara ya sani yanzu.

Kalarsa kuwa ruwan ƙasa ce, wani wurin ta ɗan yi duhu inda wuta ta fi taɓawa. Ba mu zuba kala ba. Jan da za ku gani kaɗan na barkono ne kawai, don haka in kun saba da kilishi ja jawur kada ku ɗauka wannan ya tsufa ne, haka ya fito daga wuta. Ba mu sa maganin hana lalacewa ba, bushewa da gishiri ne suke riƙe shi, wanda kuma hakan yana nufin gishirinsa ba kaɗan ba ne gaskiya, mai hawan jini ko wanda likita ya ce ya rage gishiri ya ci daidai misali. Kilishi abin marmari ne mai ƙosarwa, ba ma cewa yana maganin komai.

GARGAƊI: AKWAI GYAƊA. Duk wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa kada ya ci ko ɗan guntu, don Allah a kula da wannan musamman in za a ba yara ko baƙi. Ƙananan yara a yayyaga musu ƙanana sosai kuma a tsaya a kansu, yana da tauri kuma yajin yana da zafi.

Ku ci shi haka nan da yankakkiyar albasa da tumatir, ko da garin kwaki da ruwan sanyi, ko ku ajiye a jaka saboda doguwar tafiya a mota. In kuna son ya yi laushi ku ɗan ɗumama shi a busasshen kasko minti ɗaya, man gyaɗar zai taso.

AJIYA: wuri busasshe mai sanyi, ba cikin mota a rana ba. In ba a buɗe ba yana kai wata 3 daga ranar da aka yi shi. In an buɗe a ɗaure bakin ledar da kyau a cinye cikin mako ɗaya, da damina ma a fi saurin haka saboda laima tana shiga ta sa ya yi fumfuna, in kun ga fari-fari kamar auduga a jikinsa ko warin ya sauya to a zubar kawai kada a ce za a kankare.

Masu son kai tsaraba ƙasar waje ku bincika tukuna, Amurka da Birtaniya ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama a jaka, za a ƙwace a filin jirgi.

Ranar da aka yi, ranar ƙarewa, lambar rukuni da lambar NAFDAC duk suna buge a ƙasan leda ta baya. In ledar ta huje ko bakinta a buɗe yake kada ku saya, ku nuna wa mai shago ya canza muku. An yi shi a Kano, Najeriya.