Gayyata Zuwa Baje Kolin Sana'o'in Matasa a Ƙofar Mata, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin da masu sana'o'in hannu da iyayen unguwanni na cikin birnin Kano suka kafa yana farin cikin gayyatar matasa maza da mata, masu shekara 15 zuwa 35, tare da iyayensu da malamansu, zuwa baje kolin sana'o'i na kwana biyu da za a gudanar ranar Asabar 14 da Lahadi 15 ga watan Nuwamba, 2026, wanda ya yi daidai da makon farko na watan Jimada Sani, 1448, a harabar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Za a riƙa buɗe ƙofa da ƙarfe 9 na safe, a tashi da ƙarfe 5 na yamma, kuma za a dakata da komai a lokacin sallar Azahar da ta La'asar. Shiga kyauta ce, ba a sayar da fom, ba kuma wanda aka wakilta ya karɓi ko sisin kwabo daga hannun kowa.

Ya kamata mu faɗi gaskiya tun daga farko, domin kada wani ya biya kuɗin adaidaita sahu daga Rijiyar Lemo ko Hotoro ya zo ya koma da ɓacin rai: ba za a raba kuɗi ba, ba kuma za a raba keken ɗinki ko injin markaɗe ba. Abin da muka tanada shi ne haɗa matashi da maigidan da zai koya masa aiki. Masu sana'a 60 ne suka amince su rufe shagunansu na waɗannan kwanaki biyu su zo da kayan aikinsu, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya yi wa kwamiti alƙawari a rubuce cewa zai ɗauki aƙalla mutum uku su koyi aiki a wurinsa, bisa gwajin wata uku, ba tare da an biya shi kuɗin koyo ba. Wanda duk ya taɓa yawon nema wa ɗansa ko ƙaninsa shagon da za a karɓe shi ya san cewa samun maigida na kirki, mai haƙuri, wanda ba zai mayar da yaro ɗan aike da sayo abinci har shekara biyu ba, ya fi samun jari wuya.

Mun zaɓi Ƙofar Mata ne da gangan. Tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga wurin taron akwai marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, inda har yau ake jiƙa baba da toka a rami, a tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska, a sake tsomawa har sai launin ya kama. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta yi suna ne da abin da hannun Kanawa ya saƙa, ya rina, ya jeme, ya ɗinka, kuma sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki shaida ne cewa sana'a ce ta raɗa wa sassan garin nan suna. Marina da mabuga da dukawa za su kasance a rumfunan farko da mai shigowa zai tarar, kuma da ƙarfe 11 na safiyar Asabar za a kai rukunin matasa 40 marinar su gani da idonsu.

Sai dai mafi yawan rumfunan na sana'o'in da kasuwarsu ke ci a yau ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna da masallatai da dama suka rage dogaro da janareto suka koma wutar sola, kuma masu wannan aiki sun shaida mana cewa babbar matsalarsu ita ce ƙarancin yaran da suka iya lissafi kafin su hau rufi. A rumfarsu za a ajiye fanel da batir da inbata a kan tebur, a ba matashi takarda ya rubuta kayan da ke ɗakin mahaifiyarsa, wato ƙwan lantarki nawa, fanka nawa, da firji ko babu, sannan a nuna masa yadda ake tara ƙarfin wutar da kowanne ke ja, a ninka da awannin da yake aiki, a fitar da girman batirin da zai kai gidan asuba. Daga nan za a miƙa masa waya da filaya ya haɗa da hannunsa har ƙwai ya kama. Masu gyaran wayar salula daga kasuwar Farm Centre za su zo da matattun wayoyi da na'urar awon wuta da abin narka dalma, domin duk mai sha'awa ya kwance waya, ya gano inda caji ya tsaya, ya mayar da ita yadda take.

Akwai kuma kafintoci, da masu walda, da masu aikin famfo da shimfiɗa tayil, da kanikawan mota da na adaidaita sahu, da masu yin takalma da jakunkuna daga Ƙofar Wambai, da masu zane da buga takardu da kwamfuta. Teloli daga Fagge za su nuna awo da yanka, wanda shi ne matakin da mafi yawan masu koyon ɗinki ke daɗewa ba a bari sun taɓa ba, saboda ba maigidan da ke son a ɓata masa shaddar mutane. Mun sayi yadi mai araha daga Kantin Kwari musamman domin a ɓata shi.

An ware wa mata sashe na musamman mai ƙofar shigarsa daban, da wurin alwala da salla, da inuwar da masu goyo za su zauna. Mata ne za su koyar a can: ɗinki da saƙa, haɗa turaren wuta da humra, lalle da kwalliyar amare, yin sabulu da man shafawa, girki da toye-toyen biki, da kiwon kaji a cikin gida. Mun kuma samu mata biyu masu gyaran waya da ɗaya mai haɗa sola, kuma muna roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su tsaya a waɗannan rumfuna, domin akwai gidaje da yawa a garin nan da ba a shigar da namiji baƙo, kuma matan ciki sun fi sakin jiki su miƙa wayarsu ga mace 'yar'uwarsu.

Iya aiki daban, iya riƙe kuɗin aiki daban, kuma a nan ne matasa da yawa ke faɗuwa bayan an yaye su. Saboda haka kowace rana da ƙarfe 2:30 na rana za a yi zama na awa ɗaya a kan yadda ake yanke farashi, da yadda ake raba uwar kuɗi da riba, da dalilin da ya sa bai kamata a taɓa kuɗin kafin alƙalami na wani aiki a ƙarasa wani da shi ba. Akwai tebur da za a yi bayanin yadda ake yi wa sunan kasuwanci rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, da yadda ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, da yadda ake zana jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na biyu da na ɗaya. Wannan takarda tana da amfani ga mai neman aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, inda ba kasafai ake wadatuwa da faɗar baki cewa mutum ya iya ba.

Gayyatar nan ta haɗa da wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako, da wanda ya gama jami'a da hidimar ƙasa yana zagaye ofisoshi da takardu a ambulan, da almajirin da ya sauke yake son abin da zai riƙe kansa, da matar aure da ke son ta yi sana'a daga ɗakinta. Ba a tambayar kowa takardar makaranta a ƙofa. Ga masu digiri musamman muna cewa, koyon sana'a ba ya soke karatu, hasali ma masu haɗa sola sun ce wanda ya yi lissafi a makaranta yakan kama aikin cikin 'yan makonni. An kuma yi tanadin hanyar keken guragu da mai fassara da hannu domin kurame.

Dalilin da ya sa muke so a zo da ƙafa, kada a tsaya jin labari, shi ne guraben nan 180 a wurin za a cike su, kuma masu sana'ar da kansu ne za su zaɓa, bayan sun ga yadda matashi ya riƙe almakashi ko guduma, da irin tambayar da ya yi, da yadda ya karɓi gyara. Ba za a karɓi suna ta waya ba, ba kuma za a karɓi takarda daga wani babba ba. Ranar Lahadi bayan La'asar za a karanta sunayen waɗanda aka ɗauka, sannan maigida da mai koyo da waliyyinsa su sa hannu a yarjejeniya a gaban kwamiti, wadda ta fayyace lokacin zuwa da na tashi, da ranar hutu, da abin da ya kamata a ce an koya a ƙarshen kowane wata. Wakilan kwamiti za su riƙa leƙa shagunan sau ɗaya a wata har gwajin ya cika, kuma wanda ya tarar sana'ar ba ta dace da shi ba yana da damar neman a sauya masa sau ɗaya.

Ana buƙatar duk mai neman gurbi ya zo da hotonsa ƙarami guda biyu, da lambar shaidar ɗan ƙasa idan yana da ita, da biro da ɗan littafi, ya kuma sa tufafin da ba zai ji zafi ba idan mai ko baba ya ɓata su. Wanda bai kai shekara 18 ba sai ya zo da mahaifi ko mahaifiya ko wani babba na gida ranar Lahadi. Rajista a ƙofar shiga ake yinta, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12 na rana a kowace ranar, kuma tun da rumfunan sola da na gyaran waya mutum goma kawai suke ɗauka a lokaci guda, sammako zai yi amfani.

Muna roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya da na allo su taimaka wajen isar da wannan sanarwa, musamman bayan sallar Juma'ar 13 ga watan Nuwamba, kuma wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba.

Allah ya ba da ikon halarta, amin.

Sanarwa daga Sakataren Kwamitin Shirye-shirye, a madadin masu sana'o'in hannu da iyayen unguwanni na birnin Kano.