Neman Shawara Kan Rubuta Gunduma, Jiha da Ƙasa a Takardar Biza

Alƙahira, Masar

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin neman shawararka kan wani abu da ya tsaya mini a rai, kasancewar ka daɗe kana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ka san yadda ake rubuta sunayen garuruwanmu a takardun gwamnati.

Ina dab da kammala digiri na biyu a nan, kuma ina cike takardar neman gurbin digiri na uku a wata jami'a a Malesiya, wadda bayananta ne za a bi wajen nema mini biza. Takardar tana da gurabe huɗu a jere: "Place of birth", "District", "State/Province" da "Country". Gurbin ƙasa bai ba ni wahala ba, illa dai na lura cewa a jerin ƙasashen da ake zaɓa "Niger" na zaune daidai saman "Nigeria", don haka na duba sau biyu, na kuma tabbatar da cewa alamar da ke fasfona NGA ce, ta Nijar kuwa NER.

Gurbin "District" shi ne ya fi ɗaure mini kai, domin a wurinmu kalmar tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. An haife ni a Bulangu, kamar yadda ka sani, kuma idan aka ce gunduma abin da ke fara zuwa zuciyata shi ne ƙasar hakimi a ƙarƙashin masarautar Haɗejiya. Akwai kuma mazaɓar sanata ta Jigawa ta Arewa maso Gabas, wadda ita ma da wannan kalma ake kiranta a Turance. Sai dai a fahimtata mai takardar bai damu da sarauta ko zaɓe ba, abin da yake nema shi ne matakin mulki da ke ƙasa da jiha, wanda a Najeriya shi ne ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin 774 da ke ƙasar, 27 daga cikinsu a Jigawa. Idan haka ne, "Kafin Hausa" ya kamata in rubuta. Shin ka yarda da wannan fahimta, kuma ya dace in ƙara "LGA" a bayan sunan, ko kuwa hakan zai rikita wanda bai san tsarinmu ba?

Sai maganar jiha. An haife ni a 1990, lokacin da yankinmu yake cikin Jihar Kano, ba a ƙirƙiri Jigawa ba sai ranar 27 ga Agusta, 1991. Saboda haka takardar haihuwata tana ɗauke da sunan Kano, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma kuwa tana cewa Jigawa. Raina ya fi kwanciya da Jigawa, tunda duk jami'in da ya nemi Kafin Hausa a taswira yau a can zai same ta, amma ina tsoron a ɗora takardun biyu gefe da gefe a ga kamar suna karo da juna. Ko kana ganin in haɗa da ɗan gajeren bayani game da raba jihar, ko kuma in nemi takardar rantsuwa daga kotu?

Akwai kuma wani kuskure da ni na jawo wa kaina. Lokacin da na yi fasfo na farko, na rubuta "Hadejia" a matsayin wurin haihuwa, don ita ce babban garin da kowa ya sani, kuma haka ya ci gaba da fitowa har a fasfon da ke hannuna yanzu. Abokan karatuna sun ce duk abin da ke fasfo shi ake kwafa harafi da harafi, ba ƙari ba ragi, har ma kada in sa ɗ mai lanƙwasa ko in rubuta Haɗejiya yadda muke furtawa. Na ga hikimar hakan, amma idan na sa "Hadejia" a wurin haihuwa sannan na sa "Kafin Hausa" a gunduma, na haɗa ƙananan hukumomi biyu ke nan a layi ɗaya. Wanne ya fi: in bi fasfo a duka guraben, ko in bi shi a na farko kawai?

Za a rufe karɓar takardu a ƙarshen wata mai zuwa, don haka ina roƙon ka duba kwafin takarduna da ke wurin Inna, ka aiko mini da hotonsu tare da amsarka.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Naka,
ɗan ƙanwarka